Ɗigon ya tsaya a Hawan Kibo: abin da taswirar waya ke gani da abin da 'yan gida ke gani

A 'yan shekarun nan, duk wanda zai kama hanya daga Jos, abin da ake faɗa masa bayan addu'a shi ne ya kunna lokeshan. Wasu kuma su ƙara da cewa ya sauke taswira a waya don ko sabis ya ɗauke. Shawarwari ne masu kyau, amma mutane da yawa sun haɗe su wuri ɗaya, suna ganin wanda ya sauke taswira, 'yan gida za su ci gaba da ganinsa ko a dajin da babu sabis. Ba haka abin yake ba, kuma wannan rashin fahimta ya sha tayar da hankalin iyaye a banza. Tambayar ita ce: idan ɗigon da ke nuna inda ɗan'uwanka yake ya tsaya cak a kan allo, me ya tsaya? Motar ce, ko wayar, ko labarin ne kawai ya daina isowa?

Na fara ɗaukar tambayar da muhimmanci ranar da ƙanwata ta tashi zuwa Abuja. Ummanmu ta ajiye waya a kan tabarma kusa da ita tana tsintar shinkafa, tana leƙa ɗigon lokaci lokaci. Ya wuce Bukuru, ya wuce Riyom, sai ya maƙale a gangaren Hawan Kibo. Minti goma, minti ashirin. Umma ta ture faifan gefe ta kira ni.

"Zo ka duba mini. Yarinyar nan ba ta motsa ba, kuma ka san wurin nan da manyan motoci."

Na karɓi wayar. A ƙarƙashin hoton ƙanwar tawa akwai ɗan ƙaramin rubutu da ke nuna rabon da wayarta ta aiko da labari, minti ashirin da uku. Na ce, "Umma, wannan wurin da kike gani inda take ne tun ɗazu. Yanzu ta yi gaba." Ba ta yarda ba sai da ɗigon ya yi tsalle ɗaya ya bayyana can bayan Forest.

Wayar na saurare daga sama, tana magana ta ƙasa

Akwai hanyoyi biyu daban a cikin wayar, kuma duk bayanin nan a kansu ya rataya.

Ta farko ita ce GPS. Taurarin ɗan'adam ne na Amurka, kusan talatin, suna kewaya duniya a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa. Kowannensu yana ta sanar da inda yake da kuma lokacin da ya yi sanarwar. Wayarka tana kama saƙon, ta auna tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ta lissafa nisanta da tauraron. Idan ta ji guda huɗu ko fiye, ta san inda take, kuma a fili inda babu abin da ya tare sama kuskurenta bai cika wuce 'yan mitoci ba. Yawancin wayoyin yanzu suna haɗawa da taurarin Rasha da na Turai da na Sin, wato GLONASS da Galileo da BeiDou. Abin lura shi ne wayar saurare kawai take yi, kamar rediyo. Ba ta aika wa tauraron komai, tauraron bai san da ita ba, kuma ba a cire maka ko kwabo daga kati ko data. Shi ya sa ko ka cire layin gaba ɗaya, wayar za ta iya sanin inda take.

Ta biyu ita ce sabis, wato maganar da wayar ke yi da turakun kamfanonin sadarwa da muke gani a kan tuddai da bakin garuruwa. Duk abin da zai fita daga wayarka ya je wa wani, ta nan yake bi.

To taswirar da aka sauke ta dogara da hanya ta farko kaɗai. Zanen tituna da sunayen garuruwa suna ajiye a cikin wayar, GPS kuma yana ɗora ɗigonka a kai. Shi kuwa lokeshan na kai-tsaye sai da duka biyun: wayar ta san inda take, sannan ta samu data ta faɗa wa wayar gida, ita ma wayar gidan tana da data. Da zarar sabis ya yanke, matafiyi yana kallon ɗigonsa yana tafiya daidai a kan titi, na gida kuma suna kallon ɗigon da ya daskare. Duka allunan biyu gaskiya suke faɗa, sai dai ɗaya labarin yanzu ne, ɗaya na ɗazu.

An ga wannan a fili a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara, daga baya aka yi haka a wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Wanda ya shiga can da taswira a wayarsa yana iya ganin inda yake, amma babu wata dabara da za ta kai wannan labari gida.

Sabis yana ɗan taimaka wa GPS ta gefe ɗaya. Idan akwai data, wayar tana samo jadawalin inda taurarin suke cikin daƙiƙoƙi. Idan babu, sai ta tsaya ta saurare shi daga taurarin kansu, abin da kan ɗauki rabin minti zuwa 'yan mintuna, musamman ga wanda ke zaune a tsakiyar bas rufin ƙarfe a kansa. Saboda haka ka buɗe taswirar tun a tasha ta kama wurinka, kuma idan ta rikice a hanya ka matsar da wayar kusa da taga ka ba ta lokaci.

Sauke taswirar Jos zuwa Abuja, da kuskuren da ake yi a kusurwa

A Google Maps, ka taɓa hotonka da ke sama ta dama, ka shiga Offline maps, sannan Select your own map. Wani akwati zai fito a kan taswirar. Abin da ke cikin akwatin kaɗai za a sauke, kuma a ƙasa za a nuna maka girman abin da zai ci a wayar kafin ka danna Download.

A nan ake tafka kuskuren da na fi gani. Mutum ya sa Jos a kusurwar sama, ya sa Abuja a kusurwar ƙasa, ya ɗauka ya gama. Amma hanyar ba miƙe take ba. Daga Jos ana bi ta Bukuru da Mararabar Jama'a da Riyom, a gangara Hawan Kibo, a wuce Forest, a ratsa wani yanki na kudancin Kaduna ta Gwantu, a shiga Nasarawa ta Andaha zuwa Akwanga, sannan a karya yamma ta Garaku da Keffi da Masaka da Mararaba da Nyanya. Akwanga da Keffi duka sun fi Abuja gangarawa kudu. Wanda ya tsayar da gindin akwatinsa a kan Abuja ya yanke kusan duk rabin tafiyar na biyu. Kuma manhajar ba ta zana maka hanya babu data sai duk hanyar tana cikin abin da aka sauke. Don haka ka ja akwatin ya sauka har ya haɗiye Keffi da Akwanga da ɗan sarari a ƙasansu. Idan ka yi haka, Kafanchan da Kwoi ma suna ciki, ko da direba ya ga dama ya karkata ta Gidan Waya. Tafiya mai tsawo kamar Jos zuwa Maiduguri, ta Bauchi da Potiskum da Damaturu, gara ka sauke akwati biyu ko uku, kowanne ya ɗan hau kan na kusa da shi don kada a bar rami a tsakani.

Manhajar takan jira Wi-Fi kafin ta sauke, kuma yawancinmu da data muke aiki. Mutum sai ya danna, ya sa waya a aljihu, bai san tana nan tana jira ba. A cikin saitin Offline maps akwai wurin da ake ba ta izinin amfani da data. Kowace taswira kuma tana da ranar ƙarewa a rubuce a ƙarƙashinta, ka duba idan ta daɗe. Masu ƙananan wayoyi su lura: idan abin da ke wayarka Google Maps Go ne, ba ya sauke taswira. Sai dai ka sa cikakken, ko ka nemi Organic Maps ko OsmAnd, waɗanda aka gina su tun asali don aiki babu data, da bayanan OpenStreetMap.

Gwajin da ba na tsallakewa shi ne wannan. Daren tafiya, ka kunna Airplane mode, ka bar Location a kunne, ka fita tsakar gida, ka nemi hanya daga inda kake zuwa unguwar da za ka sauka. Idan layin hanya ya fito, ka ja taswirar da yatsa ka ga sunayen garuruwa har ƙarshe, ta sauku. Idan ka ga fili fari fat a wani wuri, nan ne za ta yashe ka gobe.

Abin da taswirar ba ta sani ba

Babu data, Google Maps hanyar mota kaɗai yake bayarwa, babu ta ƙafa, babu labarin cunkoso. Zai ce maka daga Masaka zuwa AYA a cikin Abuja 'yan mintuna ne, alhali duk wanda ya taɓa shiga Mararaba da Nyanya da safiyar Litinin ya san abin da ke jiransa. Bai san an sa dokar hana fita ba, abin da mu mutanen Jos muka san ɗacinsa. Bai san gada ta karye a daminar bana ba.

Mafi girma, ko da data ko babu, taswira nisa da lokaci take lissafawa. Ba ta san wace hanya ce direbobi suka daina bi bayan la'asar ba. Ina ganin kuskure ne babba mai motar kansa ya bar babban titi ya faɗa wata 'yar hanya saboda waya ta ce za a rage minti ashirin. A kan wannan, maganar direban da ke bin hanyar kullum, ko mai shayin da ke bakin mararraba, ta fi ta waya nauyi nesa ba kusa ba. Amfanin taswirar na gaske ga fasinja shi ne ya san inda yake. Idan mota ta lalace da dare a inda babu allo ko ɗaya, zai iya cewa muna tsakanin Gwantu da Andaha, kilomita kaza kafin Akwanga, ba ya ce muna cikin wani daji ba.

Awa takwas na WhatsApp, da motar da ba ta cika ba

A WhatsApp, idan ka shiga hirar wanda kake son ya gan ka, ka taɓa alamar haɗa kaya, ka zaɓi Location, za ka ga abubuwa biyu da ake yawan rikitawa. Send your current location yana tura wurin da kake a wannan daƙiƙar, kuma a nan zai zauna har abada. Share live location shi ne mai tafiya tare da kai. Na san gidajen da aka wuni ana kallon na farkon ana mamakin motar da ta ƙi barin tasha.

Na kai-tsayen yana da zaɓi uku: minti 15, awa 1, ko awa 8. Awa takwas kamar ta isa tafiyar da ba ta cika wuce awa biyar ba, amma ka yi lissafi irin na tasharmu. Ka isa ƙarfe shida, ka kunna nan take don Umma ta ga ka iso. Mota ba ta cika ba sai tara da rabi. An tsaya shan mai, an tsaya cin abinci da salla a Akwanga, ga shingayen bincike. Ƙarfe biyu na rana lokeshan zai mutu da kansa, wataƙila kana cikin cunkoson Mararaba, kuma a gida abin da za a gani kawai shi ne ya ƙare. Maganin mai sauƙi ne: kada ka kunna sai mota ta tashi. Idan tafiyar ta Maiduguri ce ko Sakkwato ko Legas daga Abuja, ka sabunta shi a wani babban gari inda sabis ke da ƙarfi, tun kafin ya ƙare, domin sabon ba zai tafi ba idan lokacin ya cika maka a inda babu data.

Google Maps ma yana da nasa, Location sharing, kuma ya fi dacewa da doguwar tafiya ta fuska biyu. Kana iya zaɓar Until you turn this off, ba ya ƙarewa sai ka kashe. Sannan yana nuna wa na gida yawan cajin da ya rage a wayarka. Wannan ƙaramin abu yana kwantar da hankali sosai. Idan labari na ƙarshe ya zo da caji kashi 3 cikin ɗari, sannan aka ji shiru, kowa ya san dalili. Sai dai WhatsApp ne iyayenmu suka iya, kuma abin da mai kallo ya iya karantawa shi ne mai amfani.

Yadda na gida zai karanta ɗigon

Nan ne zuciyar maganar, kuma wanda ke gida ya fi matafiyin buƙatar ya iya ta.

Kafin ka kalli inda ɗigon yake, kalli lokacin da ke tare da shi. Ka taɓa taswirar ta buɗe, za ka ga rubutun da ke nuna ko yanzu aka sabunta ko minti nawa ke nan. Daga nan hali biyu ne.

Idan ɗigon na tsaye amma lokacin sabo ne, wayar tana magana, motar ce ta tsaya da gaske. Sai ka duba ina ne. Cikin garin Akwanga da azahar, abinci ne da salla. Bakin gari, wataƙila shinge ne ko gidan mai. Tsakiyar hanya inda babu gari, kuma an wuce minti goma sha biyar, wannan ya cancanci kira, tunda ka san akwai sabis a wurin. Sau da yawa faci ne ko inji ya yi zafi.

Idan kuwa lokacin ya tsufa, ɗigon bai gaya maka komai game da motar ba. Wayar ce ta yi shiru. Ka yi ɗan lissafi: motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan kilomita 27 a minti ashirin. Wato wanda kake gani a gangaren Hawan Kibo yana iya kasancewa ya yi nisa a cikin kudancin Kaduna. Irin wannan wuri ma dole sabis ya yi wasa, domin ana saukowa ne daga tudun da ya haura mita 1,200, titi yana lanƙwasa a jikin duwatsu, kuma dutse yana tare saƙon turke.

Akwai gwaji mai sauƙi da zai raba maka dalilai. Tura masa saƙo a WhatsApp ka kalli alamar. Idan guda ɗaya ce ta tsaya, saƙon bai shiga wayarsa ba: babu sabis, ko data ta ƙare, ko wayar ta mutu. Sai ka kira layin kai tsaye. Idan ya yi ƙara, wayar na raye, data ce kawai babu, domin akwai wurare da yawa da kira ke shiga amma intanet ba ya motsi. Idan kuma alamar ta zama biyu, saƙo ya shiga, amma ɗigon bai motsa ba, to laifin daga saitin wayar yake.

Wannan na ƙarshen ya fi yawa fiye da yadda ake zato. Matafiyi yana tsoron caji, sai ya kunna Battery Saver ya kashe allo ya sa a jaka. A wayoyi da yawa wannan saiti yana taƙaita aikin da manhajoji ke yi a ɓoye, har da neman lokeshan idan allo na kashe. Ka ga an kashe abin da ake son ya yi aiki. Gara a shiga saitin batir na WhatsApp ko na Maps a sa shi a Unrestricted, a tabbatar Use precise location na kunne, a bar Battery Saver a kashe, a riƙe fawa bank. Allon da ke kunne da haske sosai shi ya fi shan caji, don haka fasinja ba ya buƙatar zura wa taswira ido tun daga Jos. Ya duba ya kashe allo. Mai layi biyu kuma ya sa 'yar data a duka biyun, domin inda wani kamfani ya ɗauke wani yakan kawo. Wanda ya kulle wayarsa a kan 4G kaɗai don saurin intanet a cikin gari, ya mayar da ita ta zaɓa da kanta kafin ya kama hanya.

Idan data ta ƙi: lambobi biyu a saƙon tes

Ga dabarar da ta haɗa amfanin abubuwan biyu. Saƙon tes na fita da ɗan sabis kaɗan wanda ba zai iya ɗaukar WhatsApp ba. A Google Maps ka danna yatsa ka riƙe a kan inda ɗigonka yake, jan alama zai sauka, lambobi biyu su bayyana. Misali, a cikin Akwanga za ka ga wani abu kusa da haka:

```
8.9100, 8.4060
```

Ta farko tana nuna nisanka arewa da layin da ya raba duniya biyu, ta biyu nisanka gabas. Ka kwafe su ka tura ta tes, na gida ya liƙa su a wurin bincike na taswirarsa, wurin zai fito. Da digiri ake auna su, kuma digiri ɗaya kusan kilomita 111 ne, don haka lambobi huɗu bayan ɗigo sun kai ka cikin mita goma sha ɗaya, sun isa.

Amma a yankinmu akwai tarko. A nan tsakiyar Najeriya lambobin biyu sun yi kama, takwas da wani abu, tara da wani abu. Idan aka juya na Akwanga aka rubuta 8.4060 a farko, taswira ba za ta yi gardama ba. Za ta nuna wani wuri gabas da Lafiya, kusan kilomita 80 daga inda kake, kuma mai nema ba shi da dalilin yin shakka tunda duk Nasarawa ce. Saboda haka a kwafa, kada a karanta ta baki a waya, kuma a ƙara sunan garin da aka wuce na ƙarshe da lokaci: mun wuce Andaha ƙarfe ɗaya da kwata, mota ta lalace, muna lafiya. Idan haɗari ne, lambar hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa 122 ce, ta gaggawa ta gaba ɗaya kuma 112, kuma su ma abin da za su fara tambaya shi ne a ina.

Masu so da masu ƙi

Ba kowa ne ya yarda da wannan al'ada ba, kuma masu ƙin suna da hujja. Wani dattijo a unguwarmu, tsohon direban babbar mota, ya ce mini, "Ɗana, da can mutum ya tafi sai a yi masa addu'a a ci gaba da harka. Yanzu kun sa uwa ta wuni da waya a hannu, hawan jininta na bin sabis." Gaskiya ya faɗa. Ga wanda bai iya karanta lokacin da ke ƙarƙashin ɗigon ba, lokeshan yana ƙara fargaba ne. Ra'ayina shi ne a ba mutum ɗaya mai natsuwa a gida, wanda ya fahimci abin da aka bayyana a sama, shi kuma ya riƙa sanar da iyaye da baki.

Hujja ta biyu ta sirri ce, kuma ita ta fi damuna. WhatsApp ya rufe saƙon ta yadda daga kai sai wanda ka tura wa, amma idan ka tura a zauren dangi mai mutum tamanin, duka tamanin ɗin suna ganinka, har da lambobin da ba ka san hannun wa suke ba yanzu. Ɗan kasuwar da ya taso daga kasuwar Terminus ta Jos da kuɗin sari bai kamata ya sanar da taro motar da ya shiga da inda ta kai ba. Haka sa hoton taswira a status ana kan hanya. Shi kuma Until you turn this off, idan aka manta da shi, ya zama mai gadin da ba a ɗauka aiki ba, wata da watanni wani yana ganin duk inda ka sa ƙafa. Da ka isa ka kashe. A WhatsApp, Settings sannan Privacy sannan Live location zai nuna maka duk hirar da kake rabawa a ciki. Kuma abin da aka yi don tafiya da yardar mai tafiya, bai kamata ya koma igiyar da miji ko yaya zai ɗaure wani da ita bayan an dawo ba.

Akwai kuma masu ɗora masa abin da ba zai iya ba, suna ganin kariya ce daga masu tare hanya ko 'yan wan-cans na Abuja, masu ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi. Waya ce abu na farko da irin waɗannan ke karɓa su kashe. Abin da ke saura shi ne wuri na ƙarshe da lokacinsa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga jami'an tsaro. Don haka idan shiru ya yi tsawon da ya wuce misali, na gida ya ɗauki hoton allon tun ɗigon na nan, da lokacin a jiki, ya kai inda ya dace, kada ya watsa a Facebook.

Yarjejeniyar da muke yi kafin a fita

Tun daga ranar Hawan Kibo, a gidanmu ba a kunna lokeshan sai an yi magana. Da ƙanwata za ta koma Abuja bayan salla, na sauke mata taswirar da dare, muka gwada a tsakar gida. Da safe a tasha ta ɗauki hoton lambar motar ta turo mini, ta karɓi lambar wata mata da ke kusa da ita mai layin wani kamfani daban, ita ma ta ba ta tawa. Muka tsayar da wurare uku da za ta yi tes ko ɗigo na tafiya ko ba ya tafiya: Forest, Akwanga, Keffi. Muka kuma yarda cewa shirun da bai kai minti arba'in ba tsakanin Riyom da Akwanga ba abin kira ba ne. Idan ya wuce haka zan kira ta, idan bai shiga ba in kira maƙwabciyar tata, idan duka biyun shiru na wani rabin awa, in je tasha da lambar motar a nemo mini direban ta wajen shugabannin 'yan mota.

Mota ta tashi tara saura, a lokacin ta kunna na awa takwas. A gangaren ɗigon ya sake tsayawa. Umma ta leƙo ta ce, "Minti nawa ya rubuta?" Na ce sha takwas. Ta ce to, ta koma kicin. Sha ɗaya saura tes ya shigo: "Yaya mun wuce Forest, caji 71."